Kwanan wata ya koma 45292 a Excel

"Na rubuta 1 ga Janairu 2024 a Excel, da na taɓa wani abu sai ya koma 45292. Bayanina ya lalace ne?"

Bai lalace ba, Malam, yadda ake nuna shi ne kawai ya canja. Excel yana ajiye kwanan wata a matsayin adadin kwanaki, inda 1 ga Janairu 1900 ta zama 1, shi ya sa ranar da ka rubuta ta zama 45292. Ka zaɓi gurbin, ka danna Ctrl+1, sannan ka zaɓi Date, ranar za ta dawo. Idan Currency ka zaɓa, za ka ga 45,292.00 da alamar kuɗi, Percentage kuwa yana nuna lambar ninki 100, kamar yadda 0.25 ke fitowa 25%, alhali ainihin lambar da ke ajiye a gurbin ba ta motsa ba.

Inda na sha ganin mutane suna tuntuɓe shi ne Text. Lambar da aka shigar bayan an mayar da gurbi Text rubutu ce zalla, tana jingina hagu maimakon dama, kuma SUM yana tsallake ta ba tare da gargaɗi ba, wanda a ganina ya fi kowane kuskure haɗari. Ana gane ta da wannan, idan lambar tana gurbin A1:

```
=ISNUMBER(A1)
```

Idan ya ba da FALSE, sauya tsarin kaɗai ba zai wadatar ba, sai ka zaɓi General, ka danna F2, sannan Enter.