Wa zai biya bashi idan kasuwa ta karye?

Tambaya: Ni da abokina za mu buɗe shagon sayar da siminti a Kano. Mu yi rajistar sunan kasuwanci ne, ko kamfani?

Malam, ina ba ku shawarar kamfani. Sunan kasuwanci da aka yi wa rajista a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ba ya raba ku da shagon, saboda haka idan abokinka ya karɓo siminti bashi da sunan haɗin gwiwarku, mai kaya zai iya bin ka kuɗin duka, har kotu ta sa a sayar da motarka. Mai kasuwanci shi kaɗai ma haka yake.

Shi kuwa kamfani, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ɗora masa bashinsa, ku kuma abin da za ku rasa shi ne jarin da kuka ɗauki alkawarin zubawa. Sai dai ka kula, banki yakan nemi darakta ya tsaya wa rancen da kansa, kuma da zarar ka sa hannu, wannan bashin ya hau kanka.