Na sayi jerin imel, an rufe min akawun

"Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Barci. Wani ya sayar min da adireshin imel 2,000, na tura talla, ba wanda ya amsa, kuma an dakatar da akawun ɗina. Ta ina zan faro?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi na san zafin nan, sannu. Masu sayar da jerin nan ba su da tausayi ko kaɗan. Sun san da yawa daga adireshin sun mutu, wasu ma tarko ne da ake ajiyewa don kama masu tura saƙon da ba a nema ba. Jeri ɗaya za su sayar wa mutum goma. Saƙonki ya riƙa dawowa, waɗanda ya isa gare su ba su san ki ba sai su danna Spam, kamfanin da kike turawa ta hannunsa kuma ya gani ya rufe ki. Gmail na so ƙorafi ya tsaya ƙasa da 0.3%, wato mutum 3 cikin 1,000. A jerinki mutum 6 sun isa. Wanda ya sayar miki kuwa ya riga ya ci kuɗinsa. Allah ya isar miki.

Ki goge jerin gaba ɗaya, kar ki kai shi wani kamfanin. Dokokin kare bayanai na Najeriya ma suna buƙatar yardar mutum kafin a tura masa talla.

Ki yi fom gajere: suna, imel, da akwatin yarda wanda mutum zai danna da hannunsa, an rubuta "Na yarda a riƙa turo min sababbin kaya sau ɗaya a mako." Ki kunna double opt-in, sai wanda ya buɗe imel ɗinsa ya tabbatar ne zai shiga. Wasu za su zube a nan, kar ki damu, har da masu rubuta gmial.com yake tacewa. Ki sa mahaɗin fom ɗin a wasap, ki gaya wa duk wadda ta zo shago.

Saƙon maraba ya fita nan take, tun ba su manta ki ba. Sunan shago, ranar da za ki riƙa turowa, hoton kaya biyu ko uku, da unsubscribe, wato mahaɗin fita daga jerin, a fili. Ki roƙe su su amsa da "na gani", amsar tana taimaka wa saƙonki ya shiga Inbox.

Af, ki ƙara tambaya biyu a fom ɗin: sari ko ɗai-ɗai, cikin Kaduna ko waje. Da su za ki yi tags, wato alamun rarraba mutane, a jeri guda. Sanarwar kai kaya Unguwar Rimi da Barnawa ba ta shafi 'yar Zariya da ake aika wa ta tashar Kawo ba, kuma farashin sari kar ya je wa mai sayen turmi ɗaya.