Me zan rubuta wa ɗan kwangila kafin ya fara finishin?

"Mun yi magana da ɗan kwangila kan tayil, ƙofofi da kayan banɗaki, duk da baki. Ina so in rubuta masa wasiƙa. Me zan sa a ciki?"

Fara da kayan, don a nan rigima take tashi. Kada ka rubuta "tayil mai kyau". Rubuta sunan kamfani, girma, kala, da wanda zai saya. Ni "ƙofar ƙarfe" kawai na rubuta, aka kawo mini mai sirantar gwangwani, kuma ba ni da bakin magana, tunda ƙarfen ce. Ka ɗauki hoton samfurin, ku sa hannu a bayansa. Ka ƙara da cewa ba a canza kaya ko farashi sai da amincewarka a rubuce.

Kuɗi kuwa, ɗaura shi da aiki, kada ka ɗaura da wata. Misali aikin naira miliyan 10: miliyan 3 kafin alƙalami, 3 bayan an binne bututu da waya an gwada su kafin filasta ta rufe, 3 bayan tayil da fenti, miliyan 1 ka riƙe sai an gyara duk abin da ka nuna. Idan ka biya fiye da aikin da ke ƙasa, kai za ka koma bin sa.

Kowane mataki ya samu ranarsa da shekara. "Kafin sallah" ba rana ba ce. Ka rubuta abin da za a cire idan ya makara, da ƙarin kwanakin da za ka ba shi idan kai ka jinkirta biya.

Kwafi biyu, sa hannunku, da shaidu. In kuɗin da yawa, lauya ya duba ta.