Me ya sa motocin hayata ke taruwa a Abuja?

Tambaya: Malam, ina da motocin haya 60 a rassa uku, Kano da Kaduna da Abuja. Ina raba su ashirin-ashirin, amma kafin wata ya ƙare sun taru a Abuja. Na duba littafi: cikin kowace mota goma ta Kano, bayan mako ɗaya, bakwai suna nan, ɗaya ta koma Kaduna, biyu Abuja. Na Kaduna biyar ke zama, ɗaya Kano, huɗu Abuja. Na Abuja takwas ke zama, ɗaya Kano, ɗaya Kaduna. Manajojina ne ke sakaci?

Amsa: Alhaji, kada ka ɗora wa manajoji laifi tukuna. Waɗannan alƙaluma da ka aiko su kaɗai sun isa su kwashe motocin zuwa Abuja ko da kowa yana aikinsa tsakani da Allah. Masu lissafi suna kiran irin wannan silsilar Markov, da sunan wani masani ɗan Rasha, Andrey Markov. Ma'anarta ita ce inda mota za ta kwana mako mai zuwa ya dogara ne da inda take yau, ban da inda ta taɓa zuwa a baya.

Mu bi mako ɗaya. Kano ta riƙe 14 cikin ashirin ɗinta, ta karɓi biyu daga Kaduna, biyu daga Abuja, ta tashi da 18. Kaduna ta riƙe goma, ta karɓi biyu-biyu, ta tashi da 14. Abuja ta riƙe 16, ga huɗu daga Kano, ga takwas daga Kaduna, 28 ke nan. Maimaita lissafin a kan waɗannan, mako na biyu za ka ga kusan 17 da 12 da 32, na uku kusan 16 da 11 da 33. Ka lura gudun yana raguwa. Akwai inda zai tsaya, wato wurin da motocin da ke fita daga kowane reshe suka yi daidai da masu shigowa.

Naka lissafin ya zo da sauƙi. Kaduna tana rasa rabin motocinta duk mako, tana karɓar ɗaya cikin goma na duk motocin da ba a wajenta suke ba. Idan D ce adadinta, `0.5D = 0.1(60 − D)`, sai D ta zama 10. Kano tana rasa uku cikin goma, `0.3K = 0.1(60 − K)`, K ta zama 15. Sauran 35 na Abuja ne. Gwada ka gani: a 35 Abuja tana sakin bakwai, tana karɓar uku daga Kano da huɗu daga Kaduna. Ko duka sittin ɗin ka ajiye a Kano ranar farko, kan wannan rabon na 15 da 10 da 35 dai za su dawo.

Shi ya sa nake jin takaicin kuɗin da ake zubarwa wajen kwaso motoci sau ɗaya a wata. Kamar ɗiban ruwa ne ana kai shi tudu. Idan lallai ashirin-ashirin kake so, sai ka fitar da mota takwas daga Abuja kowane mako, shida Kaduna, biyu Kano. Zauna ka haɗa kuɗin mai da na direba da na motar da zai dawo a ciki, ka kwatanta da abin da motar za ta samo a can. Sau da yawa ya fi arha ka canza alƙaluman kansu: ƙarin kuɗi ga wanda zai ɗauka a Kaduna ya ajiye a Abuja, ragi ga mai bin akasin haka.

Amma kada ka ɗauka 35 na nufin Abuja na buƙatar 35. Lissafin yana nuna inda motoci ke taruwa ne, bai san yawan masu haya ba. Wataƙila ma takwas ɗin nan da ke "zama" rabinsu a fake suke ƙura na rufe su, alhali a Kaduna ana mayar da mutane hannu rabbana. Ka sa a ware maka a littafi wadda ta fita ta dawo da wadda ko tayar da ita ba a yi ba.

Kuma ka cire makonnin Salla da na ƙarshen Disamba, lokacin da jama'a ke barin Abuja zuwa gida, ka yi musu nasu lissafin daban. Daga nan rubuta hasashen mako huɗu ka ajiye a aljihun tebur, duk Asabar ka ƙirga motocin da ke kowane reshe. Saɓanin mota biyu ko uku ba komai ba ne. Idan kuwa kuskuren kullum gefe ɗaya yake karkata, to alƙaluman sun canza, sai a koma littafi a sake ƙirga.