Dakta, kada ka tafi da izinin baka

"'Yan'uwa, ina koyarwa a nan Gombe. Tallafin bincikena ya fito, zan yi mako shida a Kaduna a tsakiyar zango, ga kwas huɗu a kaina. Ta yaya zan nemi izini, sashe kuma ya rage mini aiki?"

Wallahi Dakta ka taɓo mini inda yake mini ciwo. Ni ma haka na yi, mako biyar na nema don in duba fayilolin lardin Bauchi a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Na samu shugaban sashenmu a ofis, ya ce, "Haba, ai ci gaban sashe ne, Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan na kama hanya, ko takarda ban ajiye ba.

A mako na uku, ina zaune da wani tsohon fayil da gefensa duk ya zagwanye, sai ga hoton takardar neman bahasi a waya: wai na bar bakin aiki ba izini, in amsa cikin awa 48. Ashe ɗaliban aji biyu ne suka kai ƙara wajen shugaban tsangaya. Da aka kira shugaban sashen namu, cewa ya yi shi bai tuna mun yi maganar ba. Mutumin da na riƙe wa kwas zango guda lokacin da ya tafi aikin Hajji! Har yau muna gaisawa, amma iyakarta ke nan.

Don haka ka rubuta. Takardar ta bi ta hannun shugaban sashe da na tsangaya zuwa sama, ka haɗa da takardar tallafin, ka sa ranar tafiya da ta dawowa. Kwafinka kuma sakatare ya buga masa hatimin karɓa kafin ka fito.

Kar ka rubuta "a rage mini aiki" kawai, ba mai rage maka. Ka je da mafita a hannu. Kwas mai yunit uku, awa uku ke nan a mako, mako shida awa 18. Ka nuna wane zai riƙe wannan, ya sa hannu a takardar, ba "ba komai" ta baka ba. Na manyan ɗalibai ka ninka darasi kafin tafiya, ka yi gwaji ka miƙa maki. Ɗaliban furojet ka ce za ka duba su ta waya.

Af, da ma tun kafin zaman rabon kwasa-kwasai ka shigar, da ya fi sauƙi, don in jadawali ya fita kowa ƙanƙame nasa yake. Kuma ka duba kar tafiyar ta ci makon jarrabawa, wannan ba sa yafewa. Ni sai da na katse aikin na dawo, fayil bakwai da na riga na cike takardar nemansu ban ko buɗe su ba.