Har sau nawa zan sake gwadawa?

"Wurin da nake jawo bayanai yana yawan katsewa. Sau nawa zan sake gwadawa kafin in haƙura?"

Ɗan'uwa, sau 5 ya isa. Jira daƙiƙa 1, sai 2, 4, 8, kana ninkawa. Ka ɗan sassaɓa lokacin kowane jira, don kada na'urorinka su afka wa sabar lokaci guda tana farfaɗowa.

Amma duba lambar kuskuren tukuna. 503, sabar ba ta iya amsawa a yanzu, ko 429, buƙatunka sun yi yawa, matsala ce mai wucewa. In sabar ta turo `Retry-After`, wato lokacin da za ka jira, bi shi. In 401 ce, ba a karɓi makullin shigarka ba, ko 404, ba a sami abin da ka nema ba, tsaya nan take, jira ba ya gyara makullin shiga da ya lalace ko adireshin da babu shi. Abin da na fi damuwa da shi: in ka haƙura, kada ka goge bayanan jiya. Bar su a allo da lokacin da aka jawo su.