Wasiƙar da ke raka takardar CV

Tambaya: Zan nemi aikin kula da sito a wani kamfanin hatsi nan Maradi. Na haɗa CV, me kuma zan rubuta a imel?

Amsa: Ƙanena, makarantu da shekarun aikinka suna cikin CV, bar su can. Koma kan sanarwar, ka zaɓi buƙata ɗaya. In sun ce suna son mai iya ƙirga kaya, rubuta misalin haka: "A aikina na baya, na lura buhunan wake ba sa daidaita da littafi, sai na fara ƙirga kowace Asabar, giɓin ya rufe." Wannan ba ya shiga CV, kuma shi maigida zai tuna.

Saman imel, sa sunan muƙamin da naka. Layi biyar sun isa, yawancinsu a waya suke karantawa. In da Faransanci aka yi sanarwar, da shi za ka rubuta.